Su Wa Ke Cikin Asusunka a Yanzu?

Saƙon gajere ne, kuma yawanci da Turanci yake zuwa: an shiga asusunka na Google daga wata sabuwar na'ura, idan kai ne babu komai, idan ba kai ba ne ka duba. Mutane kashi biyu suke a gaban wannan saƙo. Wasu su share shi su ci gaba da harkarsu, domin sun saba ganin irinsa. Wasu kuma hankalinsu ya tashi, su danna duk abin da ke cikin saƙon, su canza kalmar sirri a gurguje, su ɗauka magana ta ƙare. Kowane ɓangare ya tsallake aikin da ya fi muhimmanci, wato buɗe jerin na'urorin da asusun yake buɗe a kansu, a karanta shi a tsanake, a fitar da wadda ba a sani ba. Saƙon labarin shiga ɗaya kawai ya ba ka. Jerin na'urorin shi ne zai gaya maka duk waɗanda ke ciki a wannan lokaci, har da wanda ya shiga tun watan jiya ba ka lura ba.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa waya ba ta tambayarka kalmar sirri kullum. Ranar da ka fara shiga Gmail ko Facebook a wayarka, ka rubuta kalmar sirri sau ɗaya. Kamfanin ya tabbatar kai ne, sai ya ajiye wa wayar wata 'yar shaida ta musamman. Abin kamar ma'aikatar da mai gadi ke tambayarka sau ɗaya a bakin ƙofa, ya ba ka katin shiga, daga nan kati kawai ake dubawa, ba a sake tambayar ko kai wane ne. Kowace waya, kowace kwamfuta, kowace burauza da aka shiga asusun da ita tana da nata katin. Wannan shi ne zama ɗaya. Jerin na'urori rajista ce ta katunan da aka bayar, kuma maɓallin Sign out ko Log out soke kati yake yi.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, soke katin mutum ba ya hana shi dawowa matuƙar ya san kalmar sirri, domin zai sake rubuta ta ya karɓi sabo. Na biyu, ana iya sace katin kansa ba tare da an san kalmar sirri ba. A watan Satumba na 2018 Facebook ya sanar cewa wasu sun bi ta wani kuskure a tsarinsa sun kwashe irin waɗannan shaidu na miliyoyin asusu. Ba kalmar sirrin kowa suka sata ba. Maganin da kamfanin ya yi shi ne ya soke shaidun asusu kusan miliyan 90, mutane suka wayi gari an fitar da su, sai da kowa ya sake shiga. Abin da Facebook ya yi wa jama'a a dunƙule a wancan lokaci, shi ne kai ma kake iya yi wa asusunka da hannunka.

Mu ɗauki misalin wata 'yar kasuwa a Kano da ke sayar da atamfa ta waya. Ba ta da kwamfuta, duk harkarta a wayar Tecno take. Ranar wata Talata da ƙarfe 10:40 na safe saƙo ya shigo mata cewa an shiga asusunta na Google a kan Windows.

Matakinta na farko shi ne kada ta danna komai a cikin saƙon. 'Yan damfara sun san wannan saƙo yana firgita mutane, don haka suna kwaikwayonsa, da tambarin kamfani da launinsa da komai, su sa maɓallin da zai kai mutum shafin bogi ya rubuta kalmar sirrinsa da kansa. Saƙon Google na gaskiya yana zuwa daga no-reply@accounts.google.com, amma ni ba na ba kowa shawarar ya dogara da wannan kaɗai, saboda sunan mai aikowa abu ne da ake iya yi wa kwaskwarima, kuma a ƙaramin allon waya harafi ɗaya da aka sauya yana wuce ido. Hanya mai tsabta ita ce ta fita daga saƙon, ta buɗe burauza, ta rubuta adireshin da yatsanta:

```
myaccount.google.com
```

A nan za ta shiga sashen Security, ta nemi Recent security activity. Wannan wuri yana nuna abubuwan tsaro da suka faru a asusun cikin kwana 28 da suka wuce. Idan saƙon gaskiya ne, za ta ga shigar ta ƙarfe 10:40 a rubuce. Idan babu ita, alama ce mai ƙarfi cewa saƙon tarko ne, sai ta goge shi, amma duk da haka ta leƙa jerin na'urori tunda ta riga ta zo wurin. Facebook ma yana da makamancin wannan: a ƙarƙashin Password and security akwai Recent emails, inda ake ganin saƙonnin tsaro da kamfanin ya aiko da gaske.

Ta kuma lura da abin da saƙon ya ce. Wani saƙon cewa yake an shiga. Wani cewa yake wani ya yi amfani da kalmar sirrinka amma an tare shi. Na biyun yakan sa mutane su saki jiki, alhali ma'anarsa kalmar sirrin tana hannun wani, yau ne kawai bai yi sa'a ba.

A misalinmu shigar tana nan a rubuce. Sai ta gangara zuwa Your devices, ta danna Manage all devices. Abu huɗu ta gani. Akwai wayarta ta Tecno, wadda aka yi wa alamar cewa ita ce na'urar da take riƙe da ita. Akwai wata waya mai suna SM-A125F, an gan ta jiya. Akwai Windows guda ɗaya da aka fara shiga mako uku da suka wuce. Akwai kuma wata Windows da aka fara shiga yau, wurin da aka nuna Lagos.

A nan ne mafi yawan kuskure ke faruwa, domin ido sunan gari yake fara kamawa. Mutumin Kano ya ga Lagos, sai ya ce shi ke nan, ga ɓarawon. Amma da matar nan za ta danna kan wayarta ta Tecno, ba mamaki ita ma ta ga Lagos, alhali tana zaune a Fagge. Dalilin shi ne kamfanin ba ganinka yake yi ba. Yana ƙiyasta wuri ne daga adireshin IP, wato lambar da intanet ɗinka ya fito da ita. Kamfanonin layin waya suna tattara datar mutane daga jihohi da yawa su fitar da ita ta 'yan wurare kaɗan, don haka mai amfani da data a Kano ko Gusau sau da yawa sai a nuna shi a Legas ko Abuja. Wanda ya kunna VPN kuwa ana iya nuna shi a Jamus ko Amurka. 'Yan Nijeriya da dama sun saukar da VPN lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kuma duk wayar da manhajar ke kunne a cikinta, sunan ƙasar da za ta bayyana a jeri ba abin dogaro ba ne. Haka kuma ɓarawo zai iya kasancewa a unguwarku, jerin ya nuna garinku. Sunan gari shi ne shaida mafi rauni a cikin duk abin da ke kan allon.

Shaidun da suka fi ƙarfi biyu ne: irin na'urar, da lokacin da aka fara shiga. Da su za ta auna kowane layi.

SM-A125F ba baƙon suna ba ne idan an san yadda ake karanta shi. Wayoyi da yawa ba sa bayyana da sunan da aka saye su da shi a kasuwa, sai da lambar ƙirarsu. Duk lambar da ta fara da SM ta Samsung ce, wannan kuma Galaxy A12 ce. Mai son sanin lambar wayarsa ya shiga Settings, ya duba About phone. Matar ta tuna: tsohuwar wayarta ce da ta ba ƙanwarta bara, ba ta cire asusunta ba. Ba ɓarawo ba ne, amma imel ɗinta da lambobin kwastomominta da hotunan da ke hawa asusunta duk suna buɗe a wayar da ba ta hannunta. Wannan ma fita za ta yi.

Windows ta mako uku da suka wuce sai da ta yi tunani. Me ta yi a ranar? Ta je shagon buga takardu ta buɗe imel ɗinta a kwamfutarsu don a buga wa ɗanta takardar jarrabawa. Ta rufe shafin ta tashi. Rufe shafi ba fita ba ne, zaman yana nan a kwamfutar, duk wanda ya zauna bayanta ya buɗe Gmail saƙonninta zai gani. Idan kuma burauzar ta tambaya ko a adana kalmar sirri aka amsa mata da e, to kalmar ma tana can.

Windows ta yau kuwa babu wani bayani da zai wanke ta. Ba ta da kwamfuta, kuma da ƙarfe 10:40 tana shago tana auna yadi. Wannan ita ce baƙuwar.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne ganin na'ura ɗaya da zama uku ko huɗu a ƙarƙashinta. Wannan kaɗai ba alamar kutse ba ce. Idan ka shiga ta manhajar Gmail, ka kuma shiga ta Chrome, ka sake shiga ta wata burauzar ko ta shafin ɓoye, kowanne zama ne daban. Google yana kuma barin na'urar da aka riga aka fitar a cikin jerin na ɗan lokaci, da rubutun Signed out a gefenta. Wadda ke da wannan rubutu ba ta ciki. Idan kuwa ka yi duk wannan lissafi wata na'ura ta ƙi faɗa maka ko ta wace ce, fitar da ita. In taka ce, abin da za ka yi asara shi ne minti ɗaya na sake rubuta kalmar sirri.

Yanzu ta san su waye a ciki. Wanne za ta fara, fitar da su ko canza kalmar sirri? Ra'ayina ta fara da kalmar sirri. Wanda ya shiga yau da alama da kalmar sirri ya shiga, idan ta fitar da shi kawai zai dawo kafin ta gama karanta sauran jerin. Sabuwar kalmar ta zama doguwa, wadda ba ta taɓa amfani da ita a wani wuri ba, ba lambar waya ba, ba sunan ɗa da shekarar haihuwa ba, ba kuma tsohuwar da aka ƙara wa lamba ɗaya a ƙarshe ba. Ta canza ta a wayarta, ba a kwamfutar wani ba.

Canza kalmar sirri a Google yana fitar da yawancin na'urori kai tsaye, amma ba duka ba, kuma wannan shi ne abin da mutane kaɗan suka sani. Google da kansa ya bayyana cewa akwai waɗanda ba ya fitarwa: na'urorin da ake amfani da su wajen tabbatar da cewa kai ne, da wasu manhajoji na waje da ka ba izinin shiga asusunka. Wayar Android da ke ɗauke da asusunka tana iya faɗawa rukunin farko, domin irinta ake aika wa tambayar nan ta ko kai ne ke ƙoƙarin shiga. Ke nan tsohuwar Samsung da ke hannun ƙanwarta tana iya zama a ciki bayan an canza kalmar. Da a ce ɓarawon ta waya ya shiga, shi ma haka. Saboda haka bayan canza kalma dole ta koma Manage all devices, ta danna kowace na'ura da ba ta hannunta, ta danna Sign out, ɗaya bayan ɗaya, har sai wayarta kaɗai ta rage.

Akwai togaciya guda a nan. Idan na'urar da ke jerin wayarka ce da aka sace ko ta ɓata, kada ka yi saurin fitar da ita. Muddin asusunka na cikinta kana iya neman inda take, ka kulle ta, ko ka goge duk abin da ke ciki daga nesa ta android.com/find. Da zarar ka fitar da asusun, wannan dama ta tafi. Ka fara kulle ta ko goge ta, sannan ka fitar.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, amma wanda ya san abin da yake yi ba ya shiga asusun mutum ya zauna haka kawai. A mintunan farko yana shirya hanyar dawowa, saboda ya san za a iya gano shi. Tsakanin 10:40 da lokacin da matar ta fitar da shi ya samu, a ce, rabin sa'a. Wannan ya ishe shi. Don haka sai ta bi wuraren da yake iya taɓawa.

Wuri na farko lambar waya da imel na dawo da asusu, wato Recovery phone da Recovery email, a sashen Security ɗin nan dai. Idan ya sa nasa, gobe zai ce ya manta kalmar sirri, a aika masa lambar tabbatarwa, ya kore ta gaba ɗaya. A ƙasarmu akwai wata matsalar da ba ta ɓarawo ba ce: mutane da yawa a shagon waya aka buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, wanda ya buɗe ya sa lambarsa, ko aka sa layin da mai asusun ya daɗe da yarwa. Layin da aka daina amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani. Duk lambar da ke wurin nan dole ta zama wadda sim ɗinta ke hannunka yau. Idan an riga an canza lambar, a yi hanzari, domin Google yana iya ci gaba da aika lambar tabbatarwa zuwa tsohuwar lambar har kwana 7 bayan canjin, kuma a cikin wannan mako ne dawo da asusu ya fi sauƙi.

A wannan shafi ta duba 2-Step Verification. Idan a kashe yake ta kunna, domin da shi kalmar sirri kaɗai ba ta isa shiga. Idan a kunne yake ta karanta hanyoyin da aka yi wa rajista, ta cire duk lamba ko na'ura ko Passkey da ba ita ta sa ba. Sai jerin manhajojin waje da ke da izini a asusun, ta cire wadda ba ta sani ba, musamman mai izinin karanta Gmail.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi cutarwa, domin ba ya bayyana a jerin na'urori ko kaɗan. A cikin saitin Gmail ana iya umartar asusun ya riƙa tura kwafin kowane saƙo zuwa wani adireshi, ko ya riƙa ɓoye saƙonnin da suka ƙunshi wata kalma. Ɓarawo yakan sa a tura masa duk saƙon banki, ko a goge duk saƙon gargaɗi kafin mai asusu ya gani. Wannan umarni yana ci gaba da aiki ko an canza kalmar sirri sau goma. Ba a ganinsa a manhajar Gmail ta waya. Sai ta buɗe Gmail a burauza, ta zaɓi Desktop site, ta shiga See all settings, ta duba Forwarding and POP/IMAP da Filters and Blocked Addresses. Duk adireshin da ba ta sani ba, duk ƙa'idar da ba ita ta rubuta ba, ta goge. Tana nan ta leƙa Sent da Trash ta ga ko an aika wani abu da sunanta, ko an nemi canza kalmar sirrin Facebook ɗinta aka jefar da saƙon. A can ƙasan shafin, ta gefen dama, akwai ƙaramin rubutu Last account activity da Details a ƙarƙashinsa, wanda ke nuna shigowa na baya-bayan nan da lokacinsu da adireshin IP na kowanne.

Na daɗe a kan Google saboda imel shi ne wurin da sauran asusu ke aika hanyar sake kalmar sirri, wanda ya riƙe shi ya riƙe su. Facebook da Instagram tsarinsu kusan ɗaya ne da wannan. A Settings a shiga Accounts Center, sai Password and security, sai Where you're logged in. A canza kalmar sirri, a zaɓi fitar da sauran na'urori, a duba lambar waya da imel da ke kan asusun. Idan matar tana amfani da tsohuwar kalmarta ta Gmail a Facebook, kamar yadda mutane da yawa ke yi, to ta ɗauka can ma an sani.

WhatsApp ne ya bambanta, kuma shi ne wurin cinikinta. Ba da kalmar sirri ake shigarsa ba, don haka babu abin da za a canza ya kori kowa. Jerin na'urori shi ne babban makamin. A Android a danna ɗigo uku na sama a zaɓi Linked devices, a iPhone yana cikin Settings. Ana iya haɗa na'urori har 4 da asusu ɗaya ban da wayar kanta, kuma kowacce tana karanta saƙonni tana kuma aikawa da sunanka. Haɗawar ba ta ɗaukar lokaci: wani ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya, ya haska hoton lambar QR da ke allon kwamfutarsa, shi ke nan. Wayar da aka bari wurin caji ko wurin gyara ba a kulle ba, ko aka ara wa wani ya yi kira, ta isa. Akwai kuma hanyar da ba sai an taɓa wayar ba: a yaudare ka ka rubuta wata lamba mai gurbi 8 a wayarka da sunan zaɓe ko tallafi ko duba hoto, alhali na'urarsu kake haɗawa da kanka. A duk waɗannan WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki lafiya lau, shi ya sa mutum ke iya yin watanni ana karanta masa saƙo bai sani ba. A jerin, kowace na'ura tana nuna lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Danna ta, danna Log out. Wanda bai taɓa amfani da WhatsApp a kwamfuta ko a waya ta biyu ba, jerinsa ya kamata ya zama fanko.

Kada a haɗa wannan da ƙwace asusu gaba ɗaya, inda aka karɓi lambar tabbatarwa mai gurbi 6 daga bakinka aka yi rajistar layinka a wata waya. A nan kai ne za a fitar. Maganinsa ka sake rajistar lambarka, sabon saƙon tes ya zo, ka shigar da lambar, wancan ya fita. Idan ya riga ya sa PIN na Two-step verification, sai ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga ba tare da shi ba, amma shi ma yana waje tun lokacin da ka shigar da lambar. Sa naka PIN tun kafin a kai ga haka shi ke toshe wannan hanya.

Mai Telegram kuwa agogo ne a kansa. Jerin yana Settings, a ƙarƙashin Devices, da maɓallin Terminate all other sessions. Telegram ba ya barin sabon zama ya kori tsofaffi sai ya ɗan kwana biyu a ciki, aƙalla sa'a 24. A wannan tsakani kai kana iya korar baƙo, shi ba ya iya korarka. Idan ka bar saƙon gargaɗin sai jibi, lamarin yana iya juyewa.

Fitar da na'ura yana da iyaka, kuma gara a san ta. Yana tsayar da abin da zai faru daga yanzu, ba ya dawo da abin da aka riga aka gani. Idan baƙon ya karanta saƙonni, ko ya sauke hoton katin shaida ko takardar banki da ke cikin imel, suna hannunsa. Matar misalinmu ta bincika abin da ke ajiye a asusun. Idan akwai bayanan katin banki ko kalmomin sirri da Chrome ya adana mata, ta canza su, ta kuma kira bankinta ta lambar da ke bayan katinta. Idan an aika saƙo da sunanta, ta sanar da kwastomomi da 'yan uwa kada kowa ya tura kuɗi zuwa wata sabuwar lambar asusu.

Washegari ta sake buɗe jerin, ta kuma buɗe shi bayan mako guda. Idan wayarta kaɗai ke nan, an gama. Idan wata baƙuwar na'ura ta sake bayyana bayan an canza kalmar sirri, to ba kalmar ce matsalar ba, akwai inda ke yoyo. Ko dai wata hanyar dawo da asusu ta rage a hannun wani, ko kuma na'urar da take amfani da ita ce ke ɗauke da muguwar manhaja mai kwashe abin da ake rubutawa ko mai satar shaidar zama kai tsaye. Irin wannan satar takan wuce ba tare da saƙon gargaɗi ba, domin a wurin kamfanin tsohon zama ne ke ci gaba. A waya, sai a duba manhajojin da aka saukar daga wajen Play Store, musamman WhatsApp na gyare-gyare da manhajojin da aka turo ta saƙo, a cire su. A kwamfuta, manhajojin da aka fasa don a samu kyauta su ne abin zargi na farko. Idan an rasa gane wacce ce, a kwashe hotuna da takardu, a mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, sannan a sake canza kalmar sirri daga wata na'ura mai tsabta, a sake fitar da kowa daga jerin.